Lagwanin da ke cinye sitof ya dawo: farauta ce ko iyakar ce ta karye?

"Assalamu alaikum Malam. Na kai wata takwas ina cinikin gwal a manhajar MT5. Abin da ke damuna shi ne, sai na saya a kan layin da na ja, na sa sitof a ƙasansa, farashi ya sauko ya taɓa sitof ɗina, sannan ya juya ya tafi inda na yi hasashe tun farko. Ranar da na ce ba zan sa sitof ba kuwa, sai ya fasa layin ya wuce bai dawo ba. Buroka ne ke farautata? Kuma ta yaya zan gane bambancin tun abin yana faruwa?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Zan fara da abin da ba zai yi maka daɗin ji ba: a daidai lokacin da farashi ke ƙetare layin, babu wanda zai iya rantse maka wanne ne daga cikin biyun. Ni ban iya ba, kuma ban taɓa ganin wanda ya iya ba. Dalili shi ne duka biyun hanyar farawarsu ɗaya ce. Abin da ke raba su yana zuwa ne daga baya, wani lokaci bayan minti ashirin, wani lokaci sai an kwana. Saboda haka aikin da ke gabanka shi ne ka san abin da za ka jira ka gani, da tsawon jiran, da kuma kuɗin da jiran zai ci maka.

Abin da ke jibge a bayan layi

Sitof oda ce da ke kwance tana jira. Idan ka sayi gwal ka sa Stop Loss a ƙasa, abin da ka gaya wa buroka shi ne, da zarar farashi ya kai nan, ka sayar min a duk farashin da ka samu. Wato sitof ɗin mai saye odar sayarwa ce, sitof ɗin mai sayarwa kuma odar saye ce. Yanzu ka tuna cewa layin da ka ja ba kai kaɗai ka gan shi ba. Ƙasan farashin jiya, saman makon jiya, cikakkiyar lamba irin 2,000 ko 2,300, duk wanda ya buɗe jadawali a Legas ko Landan ko Tokiyo yana ganinsu, kuma kusan kowa darasi ɗaya aka koya masa: sa sitof ɗinka kaɗan a bayan layi. Ga kuma wasu mutanen daban da ke jiran layin ya karye su shiga, su ma sun ajiye Sell Stop, wato odar sayarwa da ke tashi in farashi ya sauko, a wannan wurin. Sai ka tarar a ƙasan daɓe ɗaya an tara odar sayarwa iri biyu, kowacce tana jiran a taɓa ta.

Wannan ba zato ba ne. Carol Osler, masaniyar tattalin arziki da ta yi aiki a reshen babban bankin Amurka na New York, ta samu ainihin odojin kwastomomin wani babban banki ta bi su ɗaya bayan ɗaya, aka buga binciken a 2003. Ta gano cewa masu ɗaukar riba sun fi ajiye odarsu a kan cikakkiyar lamba daidai, masu sitof kuwa sun fi ajiyewa kaɗan a bayanta. Ta kuma nuna cewa idan farashi ya ƙetare irin wannan wuri, sitof ɗin da suka tashi suna ƙara masa gudu, wannan ya ta da wancan, wancan ya ta da na gaba. Ka riƙe wannan da kyau, domin shi ne tushen amsar gaba ɗaya. Tashin sitof yana faruwa a farauta, yana kuma faruwa a karyewar gaske. Saurin da ka gani farashi ya yi a bayan layi bai gaya maka komai ba tukuna.

Bambancin yana wajen wanda ya karɓi waɗannan odojin. Ka ɗauki babban ɗan kasuwa da ke son buhun masara dubu. In ya shiga kasuwa yana tambaya rumfa rumfa, kafin ya sayi ɗari farashi ya tashi a kansa. Abin da ya fi masa shi ne lokacin da masu kaya da yawa suka firgita suna son rabuwa da nasu a lokaci guda. Haka babban mai sayen gwal yake. Ƙasan daɓen nan, inda odar sayarwa ta taru, nan ne zai iya cika buhunsa ba tare da ya ɗaga wa kansa farashi ba. In yana nan, zai shanye duk abin da aka zubo, masu sayarwa su ƙare, farashi ya koma sama da layi, a bar maka dogon lagwani, wato siririn layin da ke nuna inda farashi ya kai ya dawo, a jikin kyandir. In ba ya nan, ko kuma masu sayarwar sun fi ƙarfinsa, babu abin da zai tare farashi, sai ya zauna a ƙasa ya ci gaba.

Shin da gangan ake tura farashi wurin? Wani lokaci e. A Nuwamba 2014 hukumar da ke sa ido kan harkar kuɗi ta Birtaniya, FCA, ta ci tarar bankuna biyar jimillar kusan fam biliyan 1.1 a kan cinikin canjin kuɗi, kuma cikin abubuwan da ta lissafa har da yunƙurin ta da sitof ɗin kwastomomi. Saboda haka ba zan ce maka babu farauta a duniya ba. Amma waɗancan odoji ne na miliyoyin daloli. Kasuwar canji, a ƙidayar bankin BIS ta 2022, tana juya kimanin dala tiriliyan 7.5 a kullum, kuma ba wanda zai motsa farashin gwal na duniya don sitof ɗinka na lot 0.01. Kai dai ka tsaya ne a inda taro ya tsaya, aka kwashe ka tare da su.

Ka fara wanke buroka ko ka kama shi

Akwai wani nau'in cin sitof da ba shi da alaƙa da duk abin da na faɗa, kuma shi ya fi sa mutane zargin buroka. A shekarata ta farko na taɓa sayar da gwal da yamma, na sa sitof a sama, na kwanta. Da asuba na tarar an fitar da ni. Na buɗe jadawali, na ja layi a kan sitof ɗin, na ga saman kyandir mafi tsawo bai kai shi ba, da sauran kusan dala guda. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rubuta wa kamfanin doguwar wasiƙa. Amsar da suka ba ni gaskiya ce, ko da yake na ɗauki kwanaki kafin na yarda. Kyandirorin MT4 da MT5 da farashin Bid, wato wanda kake sayarwa a kansa, ake zana su a irin wannan ciniki, amma wanda ya sayar, da farashin Ask, wato wanda kake saye a kansa kuma yake sama da Bid, ake rufe masa. Tazarar da ke tsakanin biyun ba a tsaye take ba. Da ƙarfe 5 na yamma agogon New York, lokacin da ake rufe ranar ciniki a buɗe sabuwa, tazarar kan buɗe sosai na ɗan lokaci. A agogon Najeriya da Nijar wannan shi ne ƙarfe 10 na dare daga Maris zuwa farkon Nuwamba, ƙarfe 11 a sauran watannin. Ask ne ya taɓa sitof ɗina, shi kuwa ba ya barin alama a kyandir.

Maganin wannan mai sauƙi ne. Ka danna F8 a kan jadawali ka kunna layin Ask, ka zauna ka kalle shi dare ɗaya a wannan lokacin, za ka ga da idonka. Sannan duk ranar da lagwani ya cinye ka, ka buɗe jadawalin gwal, wato XAUUSD, na wasu kamfanoni biyu a shafin TradingView ka gwada. In lagwanin yana ko'ina, da bambancin 'yan kwabbai ko dala ɗaya, kasuwa ce ta yi shi. In a wajen burokanka kaɗai yake, kuma abin ya maimaitu, ka ɗauki hoton allo, ka nemi bayani a rubuce, ka fara neman wani wurin.

Layi ɗaya, ƙetarewa biyu

Misalin da na fi koyar da shi na gwal ne, domin rufi ɗaya ne aka ƙetare a lokuta biyu da wata uku ke tsakaninsu, na farko ya zama lagwani, na biyu ya zama karyewa. A Agusta 2020 gwal ya kai wajen dala 2,075 kowace oza ya juyo. A Maris 2022 ya sake zuwa kusa da 2,070 ya juyo. A Mayu 2023 ya sake taɓa yankin ya juyo. Shekara uku ke nan duniya tana kallon wannan rufi, kuma kana iya ƙiyasta abin da ya taru a samansa: sitof ɗin duk wanda ya sayar yana dogaro da shi, da Buy Stop ɗin duk wanda ke jiran ya fashe.

Ranar Juma'a 1 ga Disamba 2023 gwal ya rufe mako dab da rufin, a wajen 2,070, ana ta maganar Amurka za ta fara rage kuɗin ruwa. Da aka buɗe kasuwa daren Lahadi wayewar Litinin 4 ga wata, wajen tsakar dare a agogonmu, lokacin da Landan da New York duk suna barci kuma kasuwa ba ta cika ba, farashi ya yi tsalle ya wuce 2,130. A wasu jadawalan ma ya haura 2,140, kuma wannan saɓanin da kansa yana nuna maka ƙarancin masu ciniki a lokacin. Bai daɗe a can ba. Ya gangaro kusa da 2,085 ya yi awanni yana yawo, sannan ya koma ƙarƙashin rufin, kuma kafin a rufe ranar yana wajen 2,030. Kyandirin D1 na ranar, wato na yini guda, ya fito da lagwani mai tsawon gaske a sama, gangar jikinsa kuma ja, ta rufe ƙasa da inda aka buɗe da kusan dala arba'in. Cikin kwana goma farashi ya sauka ƙasa da 2,000.

Ka lura da wani abu a nan, domin shi ne ya kayar da mutane da yawa masu bin ƙa'idar "jira kyandir ya rufe". A waɗancan awannin da farashi ke yawo a 2,085, ƙananan kyandirori sun rufe a saman rufin. Wanda ke kallon M15 ko H1, wato kyandirin minti goma sha biyar ko na awa ɗaya, ya ga abin da littafi ya ce masa karyewa ce, ya saya. Kuskurensa shi ne ya auna layin shekara uku da kyandirin awa ɗaya. Layi yana da nauyin jadawalin da aka samo shi. In daga W1 ko D1 ka ja shi, to rufewar D1 ce mafi ƙarancin shaidar da za ka karɓa. In ƙasan farashin safiyar yau ne, H1 ko M15 sun isa. Na sha ganin mutum ya ja layi a D1, ya sauko M5 yana yanke masa hukunci, sannan yana mamakin yadda kasuwa ke ruɗinsa.

Yanzu ka zo Maris 2024. Ranar Juma'a 1 ga wata gwal ya rufe a wajen 2,083. Ya ƙetare rufin, amma da kaɗan, kuma duk wanda ya ƙone a Disamba yana da hujjar yin shakka. Ni ma na yi. Sai dai akwai abubuwan da suka bambanta. Tashin ya zo ne a lokacin New York, kasuwa a cike. Kyandirin ya rufe kusa da samansa, gangar jiki ce ta ƙetare layin, babu dogon lagwani a kai. Ranar Litinin 4 ga wata, maimakon ya koma ciki, sai ya ƙara, ya rufe sama da 2,110. Kwanakin da suka biyo kowanne ya rufe sama da na jiya, har ya kusa 2,195 ranar 8 ga wata. Da ya ja da baya a tsakiyar watan, a wajen 2,150 ya tsaya, nesa da tsohon rufin. A Afrilu ya wuce 2,400.

In ka ajiye ranakun biyu gefe da gefe, za ka ga nisan ƙetarewa bai taimaka ba ko kaɗan. Disamba ta wuce layin da fiye da dala hamsin ta zama ƙarya, ranar farko ta Maris ta rufe sama da shi da ƙasa da dala goma ta zama gaskiya. Abin da ya raba su shi ne ko kasuwa ta yarda ta zauna ta yi ciniki a sabon wurin. A Disamba an je can, ba a samu masu ci gaba da saye a wannan tsadar ba, aka dawo. A Maris an je, aka kwana, aka tashi, masu saye suna nan. Tun farkon ƙarni na ashirin Richard Wyckoff ya yi bayanin irin wannan leƙawa da dawowa a kasuwar hannun jari ta Amurka, tun babu kwamfuta balle buroka na waya, wanda ke nuna maka halin kasuwa ne da kanta.

Abin da nake dubawa idan layi ya ƙetaru

Na farko inda kyandirin da ya dace da layin ya rufe, kuma na riga na yi bayaninsa. Na biyu, wanda a ganina ya fi na farko ƙarfi, shi ne abin da ya faru a kyandir ɗaya ko biyu da suka biyo. Bayan farauta, farashi ba ya tsayawa a bakin layi yana shawara. Mutanen da suka shiga da Sell Stop a ƙasa yanzu sun maƙale, sitof ɗinsu yana sama, kuma fitarsu saye ce, sai ta ƙara tura farashi sama. Shi ya sa dawowar gaske takan zo da ƙarfi, ta yi nisa da layin. In lagwani ya fito amma farashi ya dawo ya manne a jikin layin, kyandirori ƙanana suna ta gogarsa, kowane tashi bai kai na baya ba, ina ɗaukarsa a matsayin daɓen da ake ci a hankali. Sau da yawa ƙetarewa ta biyu ba ta dawowa. Mutane suna cewa layin da aka taɓa sau da yawa ya fi ƙarfi, ni kuwa abin da na gani shi ne kowace taɓawa tana rage masu sayen da ke jira a wurin.

Sai lokaci. Lagwanin da ya fito a daren Lahadi, ko a awannin Asiya, ko a mintunan farko na buɗewar Landan, wato ƙarfe 8 na safe a agogonmu lokacin zafinsu da ƙarfe 9 lokacin sanyinsu, ina yi masa kallon tuhuma har sai ya tabbatar da kansa. Na lokacin manyan rahotannin Amurka kuwa, irin rahoton ayyukan yi da yawanci ke fita Juma'ar farko ta wata da ƙarfe 1:30 ko 2:30 na rana a wajenmu, ba na karanta shi sam a mintuna goma sha biyar na farko. Kyandir ɗaya yana iya cinye sitof na sama da na ƙasa duka. Amma in labarin ya canza lissafin kuɗin ruwa da gaske, karyewar da ta biyo baya takan ɗore, domin akwai dalilin da zai sa sababbin mutane su ci gaba da shigowa bayan sitof sun ƙare.

Game da yawan ciniki, kada ka dogara da sandunan da MT5 ke nuna maka a ƙasan XAUUSD. Yawanci adadin sauyin farashi suke ƙirgawa a wajen burokanka. Ainihin adadin kwantiragin da aka yi ciniki yana kasuwar COMEX, a alamar GC, kuma ko shi ina amfani da shi ne a matsayin ƙarin shaida kawai.

Bari mu yi lissafi da lambobi na misali. A ce ƙasan farashin jiya 2,302 ne, kana son saye a wurin. Yadda kake yi yanzu, ka saya a 2,303, sitof a 2,299, wato ka ajiye shi a tsakiyar taron, kuma kaɗan a ƙasan cikakkiyar lamba. Yadda nake yi, ba na saye a taɓawar farko. Ina bari farashi ya ƙetare. A ce ya sauka 2,294, kyandirin H1 ya dawo ya rufe a 2,305, na biye da shi bai koma ƙasa da 2,302 ba. Sai in saya a wajen 2,306, in sa sitof a 2,291, dala uku a ƙasan bakin lagwanin. Wurin yana da ma'ana, domin in farashi ya koma ya wuce inda aka shanye masu sayarwa, to labarin da na gina cinikin a kansa ya rushe, babu dalilin zama. Haɗarina dala 15 ne a kowace oza. In saman jiya yana 2,336, abin da nake nema dala 30 ne, ninki biyu. In da saman yana 2,318, da na bar cinikin, ko da lagwanin ya yi kyau kamar me.

Da a ce kuma kyandirin ya rufe a 2,293, na biye ya ɗago zuwa 2,301 ya kasa shiga, ya rufe a 2,290, to daɓen jiya ya zama rufin yau. A nan ba na neman saye kuma, kuma ba na cewa ai farauta ce za ta dawo. Wannan maganar ce ta cinye asusun mutane fiye da kowace farauta.

Yanzu ga inda abin ke ciwo. A yawancin kamfanoni lot ɗaya na gwal oza 100 ne, saboda haka lot 0.01 oza ɗaya ce, kuma motsin dala ɗaya a farashi dala ɗaya ce a aljihunka. Sitof mai nisan dala 15 a mafi ƙanƙantar lot yana nufin asarar dala 15. In ƙa'idarka kada ciniki ɗaya ya ci fiye da kashi ɗaya cikin ɗari, kana buƙatar asusun dala 1,500. In asusunka dala 300 ne, wannan ciniki ɗaya kashi biyar ne. Ina kyautata zaton nan ne ainihin matsalarka take, domin na gan ta a wajen kusan duk mai ƙaramin asusu da ya kawo min wannan kuka. Kana matse sitof ne don abin da aljihu zai iya ɗauka, kasuwa kuwa ba ta san aljihunka ba. Ka sa ATR, ma'aunin matsakaicin motsin farashi a kowane kyandir, mai tsawon 14 a H1 ka duba. In ya nuna maka gwal yana motsa dala 6 a awa ɗaya ta yau da kullum, sitof mai nisan dala 4 zai tafi ko babu wanda ya farauce shi. Mafita ita ce asusun da ke ba da lot mafi ƙanƙanta, irin wanda ake lissafawa da santi, ko ka koma abin da bai kai gwal tsalle ba, ko ka haƙura da cinikin da lissafinsa bai shiga ba.

Cire sitof gaba ɗaya kuwa, ina roƙonka ka daina. Ka riga ka ɗanɗana. Ranar 15 ga Janairu 2015 babban bankin Suwizalan ya janye daɓen 1.20 da ya riƙe wa EURCHF, wato canjin yuro da kuɗin Suwizalan, sama da shekara uku, farashi ya rufta cikin mintuna, har wasu kamfanonin dillanci suka durƙushe. A ranar ko masu sitof an rufe musu nesa da inda suka sa, domin babu mai saye a tsakani. Irin wannan rana ba ta da yawa, amma ƙananan 'yan'uwanta suna zuwa kowane wata, kuma wanda ya saba ganin farashi yana dawowa shi ne ke zaune yana jira ranar da ba zai dawo ba.

Iyakar wannan hanya

Jira yana da farashi, kuma ba zan ɓoye maka ba. Wanda ya jira rufewar Litinin 4 ga Maris ya shiga sama da 2,110, ya bar fiye da dala talatin a kan hanya. Wanda ya ce sai farashi ya dawo ya gwada 2,075 daga sama kafin ya saya, har yau bai samu wannan damar ba. A misalinmu ma, sau da yawa farashi zai taɓa 2,303 ya tashi ba tare da ya yi lagwanin da nake jira ba, in zauna ina kallo ya tafi. Na karɓi wannan, domin a lissafina abin da nake rasawa ta nan bai kai abin da nake asara a da ba, amma lissafina ne, a kan gwal, a jadawalin H1 da D1. Akwai kuma ranakun da duk alamun za su cika, lagwani ya fito, kyandir ya rufe a ciki, na biye ya tabbatar, in shiga, sannan farashi ya sake saukowa ya yi lagwani na biyu mafi zurfi ya fitar da ni kafin ya tashi. Yana faruwa, kuma ba ni da wata alama da ke hana shi.

Abin da zan ba ka shawara ka yi kafin ka sake sa kuɗi shi ne ka koma jadawalin H1 na wata uku da suka wuce, ka ja saman kowace rana da ƙasanta, ka rubuta a littafi duk lokacin da washegari ta ƙetare ɗaya daga ciki: ƙarfe nawa, dala nawa ta wuce, ina kyandirin ya rufe, me biyun da suka biyo suka yi. Za ka samu misalai masu yawa. Daga cikinsu ka fitar da zurfin da lagwani ya saba kaiwa a wajen burokanka, ka gwada shi da nisan sitof ɗin da ka saba sawa a cinikin da aka fitar da kai. In ka gama ka turo min lambobin, mu duba tare.